Gizo da ƙwaryar ƙuli-ƙuli: yadda gyaran tatsuniyar ke tafiya

Asabar, 7 ga Disamba, 2024. Ƙofar Marusa, Katsina

Aikin da na sa a gaba a hunturun nan shi ne in ɗauki gajeriyar tatsuniya guda da na ƙaga, in yi ta gyara ta har ta kai yara su yi dariya, gabansu kuma ya faɗi, ba tare da na cusa mata wani sabon labari ba. Kayan aikin biyu ne: kalmomin amsa-kama, irin su tim da wuf da saɗaf-saɗaf, sai kuma maimaitawa. Masu sauraro uku ne: babbar 'yata mai shekara 9, Abba mai 7, da Ummi mai 4. Hajiya, kakarsu, tana gefe da carbinta, ita ce alƙaliyar da ba wanda ya naɗa.

Ga ƙashin labarin. Ƙoƙi ta soya ƙuli-ƙuli ta zuba a ƙwarya, ta rufe da faifai. Gizo ya tashi cikin dare ya ɗiba. Ƙoƙi ta ji motsi ta ce wa ke nan, ya ce kusu ne. Dare na biyu ya ce mussa ce, wato kyanwa. Dare na uku ya ce kura ce, ashe kurar gaske na tsaye a bayansa. Ya ruga, ya faɗa karofi, wato ramin rini, ya fito baƙi. Da ya dawo gida ya faɗi gaskiya cewa shi ne Gizo, Ƙoƙi ta ƙi buɗe masa, don ba ta san wani baƙin Gizo ba.

Na ba su ita haka tsurarta bayan sallar isha'i, don in ga inda take da rai tun kafin a taɓa ta. Ba ta fi minti 3 ba. An yi murmushi wuri ɗaya, wajen kurar gaske. Abba ya ce, "Umma, shi ke nan?" Hajiya ba ta ɗago kai ba ta ce, "Wannan ai labari kika ba su, ba tatsuniya ba."

Talata, 10 ga Disamba

Gwajin yau na cikawa ne: kowane aiki na liƙa masa amsa-kama, in ga iyakar abin da kunnen yaro ke ɗauka. Gizo ya tashi zumbur, ya sauko tim, ya tafi saɗaf-saɗaf, ya tsaya cak, ya buɗe faifai wuf, ya ɗauka caraf, ya tauna ƙurus, ya haɗiye muƙut, ya koma sumumu.

Ba ta yi ba, kuma alamar a fili take. Ummi ta daina kallon fuskata ta koma wasa da bakin bargo tun kafin a kai ƙurus. Dalilin da na gano shi ne, amsa-kama ba a faɗinta da muryar da ake faɗin sauran jimla. Ana ɗaga mata murya ko a danne, a ɗan ware ta daga 'yan uwanta. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, amma dubi waɗannan: tim, wuf, cak, caraf, muƙut. Da baƙi suke ƙarewa, baki ya datse, sauti ya yanke. Abin da ke sa su fito daban ke nan. In aka jera tara a numfashi ɗaya, babu wadda ta fito daban, don babu shimfiɗaɗɗiyar magana a tsakaninsu da za su yi tsalle daga kanta.

Akwai kuma karo da juna. Wanda ya tashi zumbur ya sauko tim ba ɓarawon dare ba ne, mai gudun gobara ne. Babbar ce ta kama wannan: "Umma, in ya sauko tim ai Ƙoƙi ta farka." Zumbur da tim sun fita daga daren sata, na ajiye su sai wajen gudu.

Juma'a, 13 ga Disamba

Yau na samu abin da zai riƙe tatsuniyar duka. Na rage amsa-kaman daren sata zuwa huɗu, na jera su a tsari ɗaya wanda ba zai sāke ba ko da harafi:

Gizo ya sauko. Saɗaf, saɗaf, saɗaf.
Ya ja faifai, sululu.
Ya sa hannu, zuruf.
Ya kai baki…
ƘURUS!
Ƙoƙi ta ce, "Wa ke nan?"

Uku na farko da raɗa nake faɗinsu, har sai yaran sun matso don su ji. Saɗaf ɗin ba na haɗe shi kamar yadda ake yi a magana, rarraba shi nake, kowanne taku guda, ina taka yatsu biyu a kan tabarma suna nufar ƙafar Ummi. Bayan "ya kai baki" sai in yi shiru, in ƙirga uku a zuci, hannuna a bakina, ina waige-waige. Sannan ƙurus da ƙarfi.

Wannan shirun shi ne rabin aikin. Na gwada babu shi, ƙurus ta wuce ba wanda ya motsa. Na gwada da shi, Abba ya zabura sannan ya fashe da dariya. Abin dariyar shi ne mutum ya yi duk wannan sanɗa, ya lallaɓa faifai, sannan abin da ya sato ya tona masa asiri da kansa. Da dawo ko tuwo ya sata da ba a samu wannan ba. Ƙuli-ƙuli ne ba ya ciyuwa a ɓoye, kuma duk yaron da ya taɓa gwadawa a aji ya sani.

Amsar Gizo kuma da tsamin bakinsa take zuwa, kamar yadda muka gada: sa ta koma sha, ra ta koma ya, za ta koma ja. Don haka daren farko, da siririyar murya, "Kushu ne." Da farko ɓera na sa, Hajiya ta ce a gidan nan kusu ake cewa, kuma gaskiyarta ta fi ta yare, don kushu ta fi ɓeya daɗin fita a bakin Gizo. Ƙoƙi ta ce, "To kusu, ci kaɗan ka bar wa maigida." Wannan layin babbar kaɗai ta yi wa dariya, ita ce ta gane maigidan ne ke ci.

Lahadi, 22 ga Disamba

Kwanakin nan duk a kan dare na biyu da na uku suka tafi, kuma nan ne na fi ganin yadda maimaitawa ke aiki.

Daren farko yaro koyo yake yi. Dare na biyu ya riga ya san hanya, abin da yake so shi ne a bar shi ya nuna ya sani. Saboda haka a na biyu ba ni ke faɗin ƙurus ba. Ina kai "ya kai baki" sai in tsaya in dube su, su uku su kwatsa ta tare. "Wa ke nan?" ma ta zama tasu, har Ummi na kama ƙugu tana faɗa. Tatsuniyoyin da muka ji wajen iyayenmu da yawa suna da 'yar waƙa da ake ba yara amshi, wannan shi ne amshin tawa.

Sharaɗin shi ne kada a taɓa jerin. Wani dare na ce "ya ɗaga faifai" maimakon "ya ja faifai", don in ga ko za su lura. Ummi ta ce, "Ba haka ba ne!" kuma ba ta yarda an wuce ba sai da aka koma daga saɗaf. Babba yana ganin maimaita magana ɗaya gajiyawa ce, sai ya riƙa sauya kalmomi don ado. Wajen yaro sauyin nan ɓarna ce, domin in bai iya hango abin da ke tafe ba, ba shi da abin jira, kuma in babu jira babu abin da za a karya masa a ba shi dariya.

Gurbi ɗaya kaɗai ke sauyawa, amsar Gizo, kuma kullum dabbar ƙara girma take: kushu, mushsha, kuya. A dare na biyu na ƙara masa "miyau" a ƙarshe, da muryar da ba ta yi kama da ta kyanwa ba ko kaɗan. Gizo mai kwaikwayon da bai iya ba ya fi Gizo gwani ban dariya.

Dare na uku shi ne inda ake karya alkawari. Komai ya tafi yadda aka saba, yara sun ce ƙurus, sun ce wa ke nan. Gizo ya kumbura murya ya ce, "Kuya ce!" Sai in yi tsit, in tsawaita shirun ya fi na kullum. Sannan da murya ƙasa-ƙasa, a hankali, ina kallon bayan Abba: "To ni kuma wace ce?"

Ba amsa-kama ko ɗaya a wannan layin, kuma da gangan ne. An shafe dare biyu da rabi ana jin sauti a kowane taku, rashinsa a nan shi ke ɗaga tsikar jiki.

Abba ya kawo ƙorafi mai ƙarfi: "Mi ya kawo kura cikin ɗaki?" Yaron shekara 7 ba ya yafe irin wannan. Gyaran jimla ɗaya ce kafin kowane dare: Ƙoƙi na sauya wa ƙwaryar maɓoya. Daren farko tana rataye a ragaya cikin ɗaki, na biyu a madafa, na uku a bayan turken awaki. Kura akuya ta zo sata, ta tarar da ɓarawo ya riga ta. Ƙoƙi daga ɗaki take jefo tambayarta duk dare ukun, jerin bai motsa ba.

Alhamis, 26 ga Disamba

Gudu da faɗawa karofi.

Nan ne wurin da aka yarda a tara amsa-kama, domin sauri ake so, kuma gajeru ake zaɓa: Gizo ya miƙe zumbur, ya tsallake danga fit, kura na biye buguzum-buguzum. Bambancin takun biyu ya isa abin dariya, ɗaya kamar walƙiya, ɗaya da ƙugu a ƙasa. Ina buga cinya da tafi biyu wajen buguzum.

Faɗawar ce muka yi gardama a kanta. Ina da uku a hannu: tsulum, tsundum, tinjim. A kunnena tsulum ta tsakuwa ce ko ɗan kwaɗo, tsundum ta guga ko yaro a kududdufi, tinjim kuwa sai ƙato. Babbar ta ce Gizo ɗan mitsitsi ne, tsulum ce daidai da shi. Ta yi gaskiya ta fuskar ma'ana, amma da na gwada duka ukun a jere, tinjim ce ta kwantar da su da dariya, kuma don ba ta dace da shi ba ne. Ɗan abu ya yi ƙarar bijimi. Na bar tinjim, na ƙara mata wutsiya: shiru kaɗan, sannan kumfa, ɓul, ɓul, ɓul, kowace ta fi ta baya ƙanƙanta.

Wannan wasan yana da iyaka. Ana iya ba ƙaramin abu babban sauti, amma ba a raba amsa-kamar launi da launinta. Fari fat ne, ja wur, baƙi ƙirin ko wuluk, kore shar. Abba ya ce a ce Gizo ya fito "baƙi fat" don a yi dariya. Shi da yayarsa sun yi, Ummi kuwa maimaitawa ta yi da gaske, ita da ke koyon magana yanzu. Ban sa ba. Baƙi wuluk ya fito, sharkaf, yana ɗiga.

Wata matsalar: cikin su ukun babu wanda ya taɓa ganin karofi. In na tsaya tsakiyar gudu ina bayanin ramin rini da baba da toka, gudun ya mutu. Sai na kai bayanin can farko, kafin a soya ƙuli-ƙuli: a bayan gidan Gizo akwai marina, da rami mai zurfi cike fal da ruwan baba, farin zane in ya shiga baƙi yake fitowa, kuma kullum Ƙoƙi na cewa, "Gizo, ka kiyayi ramin nan." Yanzu da ya tsallake danga babbar ke fara cewa "wayyo, ramin!" kafin ni in kai.

Hajiya ta sa baki yau, ta ce wa Abba, "Kai maigidana, in ka faɗa karofi ni ma ba na buɗe maka." Ya ce ai shi ba ya satar ƙuli-ƙuli. Ta ce, "Na ƙwaryata fa da ya ragu?" Aka bar maganar a nan.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Tatsuniyar ta yi kyau har ta daina aikinta. Ta kai wajen minti 9 yanzu, amma ana gamawa ido ya bushe, Abba na bin Ummi buguzum-buguzum a tsakar gida cikin wannan sanyi. Dare biyu kuma Ummi ta farka tana cewa kura na bayan ƙofa. Abu biyu ne ke nan, kowanne da maganinsa.

Na kura: alamar da nake dubawa ita ce hannun Ummi. In ta rufe ido tana leƙe ta tsakanin yatsu, tsoron daɗi ne. In ta saki dariya ta ƙanƙame zanena ta yi shiru, ya wuce gona da iri. Na daina kallon bayan yaro in zan yi muryar kura, sama nake kallo, kada a ce tana cikin ɗakinmu. Na rage shirun da ke gabanta. Sannan na ba kurar ƙarshe na wauta: ta zo bakin karofi, ta ga wani baƙin abu na fitowa yana ɗiga, ta ce dodo ne, ta juya buguzum-buguzum ta shige daji ba ta ƙara dawowa ba. Dole a faɗi "ba ta ƙara dawowa ba" a fili. Yaro ɗan shekara 4 in ba a sallami kura a gabansa ba, tana nan.

Na barci kuwa, sai na juya maimaitawar ta koma gangara. Dare ukun farko hawa suke, kowanne ya fi na baya ƙarfi. Zuwa na huɗu, wato dawowar Gizo gida, sauka yake. Ya zo tinƙis-tinƙis, ya buga ƙyaure, ƙwan, ƙwan, ƙwan. "Wa ke nan?" "Gijo ne." Ƙoƙi ta leƙo ta ce, "Gizona ba baƙi ba ne. Kusu na sani, mussa na sani, kura na sani, kai ban san ka ba." Wannan ce babbar dariya ta ƙarshe, bayanta ba na sake neman wata. Ya sake bugawa sau biyu kawai, ƙwan, ƙwan, da murya ƙasa da ta farko. Sannan sau ɗaya. Ya zauna jugum, ruwan baba na sauka ɗis, ɗis, ina ƙara tazara tsakaninsu, ina jan numfashi a hankali. A wannan sashe babu tafi, babu buga cinya, ba kuma a ba yara amshi, domin yaron da ke jiran ya kwatsa kalma ba zai lumshe ido ba.

Babbar ta ce ba a kyauta wa Gizo ba a bar shi a waje cikin hunturu. Na ƙara jimla biyu: da asuba Ƙoƙi ta gane shi da tsamin bakinsa, ta ɗora ruwan zafi. Ƙurunƙus kan kusu ma yanzu da raɗa nake rufewa da ita.

Laraba, 15 ga Janairu

Gangarar ta yi aiki a kan Ummi, yawanci ba ta kai ruwan zafi. Abba sai a hankali.

Ƙanwata da ke Daura ta ce in rubuto mata, tana da 'yan biyu masu shekara 5. Da na zauna rubutawa na ga takarda ba ta ɗaukar rabin abin. Tsohuwar matsala ce: tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913 daga rubutun ajami na malamai aka samo su, labarin ya iso gare mu, amma murya da shiru da hannun mai bayarwa ba su biyo takarda ba. Na yi wa nawa alamomi uku kawai: ɗigo uku inda za a yi shiru, manyan baƙaƙe inda za a ɗaga murya, layi a ƙarƙashin abin da yara za su faɗa da kansu. Na haɗa mata da saƙon murya na daren farko, don ta ji tsawon shirun da kunnenta.

Ta kira jiya. Ta ce, "Yaya, ƙurus da tinjim sun ci, amma wajen mussa ba su yi dariya ba, sai tambayata suka yi mece ce mushsha." Yaranta kyanwa suka sani, kuma kyanwa ba ta da harafin da tsamin bakin Gizo zai kama. Ko a nan gidan dare na biyu ne mafi rauni, amshin yara ne ke ɗauke da shi, ba amsar Gizo ba. Na ce ta gwada kare, ya zama "kaye ne" da haushin da bai iya ba, wan, wan, tunda kare ya fi kyanwa girma kuma ya fi kusa da kura a jerin. Ni ma shi zan gwada daren Juma'a, in Ummi ta yarda a taɓa mata mushsharta.